*DARASINMU NA YAU: YADDA AKE RAGE BAƘIN ƘASAN IDO BA TARE DA WAJEN YA ZAMA KAMAR FACI BA*



Darasin yau a kan baƙin nan ne da yake zagaye ƙasan ido, wanda yake sa a riƙa tambayar mutum ko bai yi barci ba ko ba shi da lafiya, alhali ƙalau yake. Mata sun fi damuwa da shi, shi ya sa zan yi magana da ke kai tsaye 'yar uwa, amma maza ma ku karanta, don kashi biyu cikin uku na darasin ya shafe ku.

Kin sha ganin irin wannan fuskar a gidan biki, ko a Kurugu ne ko cikin garin Karaye ko Rogo: fuska baƙa mai kyau, amma ƙasan ido ya yi fari fat kamar an liƙa takarda. Wata kuma ba kwalliya ba ce, man shafawa ne ya ɗashe mata wajen, sai ya zama zobe biyu, fari a ciki, baƙi a gefe. Duk su biyun baƙin suka gudu, sai suka faɗa abin da ya fi baƙin jan ido.

Don haka ki riƙe wannan ƙa'idar tun daga farko, ita ce gaba ɗaya darasin. Abin da ake nema shi ne ƙasan idonki ya kusanci launin saman kumatunki. Ba a neman ya fi shi haske. A kowace lafiyayyar fuska ƙasan ido yakan ɗan fi kumatu duhu kaɗan, saboda yana ƙarƙashin ƙashin gira, haske ba ya sauka a kansa sosai. Idon mai kallo ya saba da haka tun yana yaro. Da zarar wajen ya fi goshi da kumatu haske, ko wanda bai san komai a kan kwalliya ba zai ji a ransa akwai abin da bai zauna daidai ba.

*1. KI FARA GANE WANE IRIN BAƘI NE DA KE*

Fatar da ke zagaye da ido ita ce mafi siranta a duk jikin ɗan Adam, kaurinta wajen rabin milimita ne kacal. Wannan sirantar ce take sa komai ya nuna a wajen, kuma ita ce take sa komai ya yi saurin yi masa illa. Baƙin da kike gani zai iya fitowa daga wuri uku, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Na farko shi ne baƙin fatar kanta. Sinadarin launi da ake kira melanin ne ya yi yawa a wajen. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, sau da yawa har fatar saman ido yake haɗawa. Akwai na gado, za ki ga mahaifiyarki ko 'yan uwanki suna da shi tun suna yara. Akwai kuma na murza ido da zafin rana.

Na biyu shi ne baƙin jijiyoyin jini. Ita fatar lafiyarta ƙalau, jinin da ke ƙarƙashinta ne yake haskowa. Yakan yi kamar shuɗi-shuɗi ko ruwan shunayya, ya fi yawa ta ɓangaren hanci, kuma yana canzawa: ranar da ba ki yi barci ba, ko kina mura hancinki ya toshe, ko kina al'ada, sai ya ƙaru.

Na uku kuwa ba launi ba ne sam, inuwa ce. Ko dai akwai ɗan kwarmi da ya taso daga kusurwar ido ya gangaro, ko ƙasan idon ya ɗan kumbura ya yi jaka, sai inuwa ta kwanta a ƙarƙashi. Wannan ya fi zuwa da shekaru ko bayan rama.

Ga yadda za ki bambance su a gida. Ki wanke fuska, ki ɗauki madubi ki tsaya a bakin ƙofa da safe, ki fuskanci haske, kar ki ba shi baya. Ki sa yatsa a saman kumatu ki ɗan ja fatar ƙasa a hankali. Idan baƙin ya ɓace ko ya ragu sosai, inuwa ce. Idan yana nan ruwan ƙasa yadda yake, fatar ce da kanta. Idan kuma ya bazu, shuɗin ya ƙara fitowa, na jijiyoyin jini ne. Sannan ki ɗaga haɓarki sama hasken ya sauka a fuskarki kai tsaye, ki sake dubawa. Abin da ya tafi inuwa ce, abin da ya rage launi ne.

Yawancin mutane za su ga nasu haɗi ne na biyu daga ciki, ba komai. Amfanin gwajin shi ne ki san inda za ki sa ƙarfinki. Mai inuwa ko ta shekara tana shafa mai ba za ta ga canji ba, domin mai ba ya cike kwarmi. Abin da zai faru kawai, fatar za ta yi haske amma inuwar tana nan a kanta.

*2. ABIN DA YA SA MAN BILICIN YAKE MAYAR DA WAJEN FACI*

Idan kika je wajen masu haɗa mai kika ce baƙin ƙasan ido, abin da aka fi miƙowa shi ne ɗan tub, ko haɗi a roba wanda ba rubutu a jikinsa. Irin waɗannan sau da yawa suna ɗauke da ɗaya daga cikin abu uku: haidarokwinon, ko maganin sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol da betametazon, ko makuri. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, kuma dokarta ta hana sa makuri da sitiroyid a cikin kayan kwalliya.

Ki lura da yadda facin yake samuwa. Mai ba ya tsayawa inda kika ajiye shi. Da ɗumin jiki da gumi da matashin kai, sai ya malala zuwa fatar da ba ta da baƙin, ita ma ta yi haske. Wajen da yake da baƙi ya ragu kaɗan, na gefensa ya ragu da yawa, sai a samu farin zobe da iyaka a fili kamar an shata da alli. Ga shi kuma farin sitiroyid ba hasken lafiya ba ne. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini ne, yana kuma ƙara sirantar da fatar. Cikin sati biyu za ki ji daɗi, amma idan aka ɗauki watanni sai fatar ta zama kamar leda, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa. Kin ga kenan wadda baƙinta na jijiyoyin jini ne ta ƙara wa kanta ciwon da take magani.

Ba a nan ya tsaya ba. Sitiroyid a kusa da ido na tsawon lokaci yana iya jawo hawan jinin ido, wato gilakoma, da kuma yanar ido. Ita gilakoma ba ta ciwo a farko, gani take ci a ɓoye, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Shi kuma haidarokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yana iya juyewa ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan ɗigo a saman kumatu da gefen ido. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwon tun 1975 a jikin baƙaƙen mata masu shafa shi, kuma har yau yana cikin baƙin da ya fi wuyar magani. Idan kin taɓa ganin mai bilicin da fuska fara amma saman kumatu ya ƙone, to sau da yawa shi ne.

Kayan gida ma akwai waɗanda suke yin irin wannan ɓarnar. Lemon tsami, man goge baki, tafarnuwa, kanwa, bakin soda, duk kar ki kai su ƙasan ido. Ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana yana ƙona fata, kuma fatar baƙin mutum duk inda ta ƙone ko ta yi kumburi da baƙi take warkewa. Haka dilka, ki bar ta a jiki inda fata take da kauri. Dirzar ƙasan ido ba ta kankare baƙi, ƙara shi take yi. Duk abin da kika shafa kika ji yaji ko raɗaɗi, ba aiki yake yi ba, ki wanke shi nan take.

*3. HANYAR DA TAKE RAGE SHI A HANKALI*

Abin da yake sa gyara ya zauna kamar halitta shi ne a cire sababin, fatar ta dawo da kanta. Fata takan ɗauki wajen wata guda kafin ta sabunta samanta, don haka ki ba kanki wata biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci.

Abu na farko, kuma shi ya fi komai tasiri a yankinmu: ki daina murza ido. Da hunturu ƙura tana sa ƙaiƙayin ido da atishawa, ga hayaƙin itace a madafa, ga ƙaiƙayin sussukar dawa da masara. Hannu yana ta kai-komo a ido ba ki ma sani ba. Kowace murza ƙaramin rauni ce, kuma fatar tana rama ta da baƙi. Idan ƙaiƙayin ya taso, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, na randa ma ya wadatar, ki rufe ido ki ɗora minti biyar zuwa goma. In ƙaiƙayin kullum ne, ki je a duba ki a ba ki maganin ɗigawa da ya dace. Kar ki sayi na ɗigawa a kemis da ka, domin wasunsu ma sitiroyid ne a ciki.

Wannan sanyin shi ne sirrin kokwamba da jakar ganyen shayi da ake ɗorawa. Suna matse jijiyoyin jini, kumburi ya sauka na wasu awanni. Suna taimakon mai baƙin jijiyoyi da mai kumburin safe, amma ba sa taɓa baƙin fata. Ki yi amfani da su kina sane da iyakarsu. Ƙara matashi ɗaya lokacin barci da rage gishiri da magi a abincin dare su ma suna rage kumburin safiya.

Abu na biyu, rana. Mai zuwa gona ko lambu, musamman masu aikin rani a gefen dam ɗin Challawa, rana tana dukan saman kumatu daga sama, hasken ruwa da na yashi yana dawowa daga ƙasa. Malafa mai faɗi ko baƙin gilashi sun fi kowane mai sauƙi. In da hali ki samu man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, ki shafa a dukkan fuska da safe. Na ce dukkan fuska da gangan. Duk abin da za ki shafa don launi, ki shafa shi ya game fuskar, ko aƙalla ya bi saman kumatu ya ɓace a hankali. Da haka ba za a samu iyaka ba.

Abu na uku, laushin fata. Busasshiyar fata takan yi furu-furu da ƙananan layuka, sai baƙin ya ƙara fitowa. Da dare bayan kin wanke fuska, tun da sauran danshi, ki lakato man kaɗanya mai kyau ko basilin kamar ƙwayar shinkafa, ki narkar da shi tsakanin yatsu, ki dangwala a kan ƙashin da ke ƙasan ido. Ba ya sa fari, laushi yake sawa, kuma shi ake so. Mai son ƙari ta nemi mai ɗauke da nayasinamaid kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, ko bitamin C, mai lambar NAFDAC. Suna aiki a hankali kuma ba sa ɗashe fata. Ki fara gwadawa a bayan kunne kwana uku kafin ki kai fuska. Masu ɗauke da retinol kuwa, mai ciki ta nisance su.

Abu na huɗu, jini. Ki ja fatar ƙasan idonki ki duba cikinta. Idan ta yi fari-fari maimakon ja, ga kasala, ga jiri, ga haki in kin ɗan yi aiki, to ki je asibiti a auna jininki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mace marar ciki in jininta ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki kuma in ya gaza 11 a watanni ukun farko da ukun ƙarshe na ciki. Ƙarancin jini yana sa fuska ta ɗashe, sai baƙin ido ya fito fili. Nama, kifi, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa, kuma ki raba shan shayi da cin abinci da kamar awa ɗaya, don shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki.

Sai maganar kwalli. Wani baƙin ba komai ba ne illa kwallin jiya da shekaranjiya da ya gangaro ya zauna. Ki riƙa goge shi kowane dare da auduga da ɗigon man zaitun, a hankali, ban da dirza. Ki kuma san irin wanda kike saya, domin kwallin dutse da yawa na kasuwa dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma ta hau jininsa, aka auna tozalin da ake sa masa aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Don Allah a kiyaye jarirai da shi.

*4. RANAR FITA: YADDA AKE RUFE SHI YA ZAUNA*

Yanzu ga biki ya zo, ba za ki jira wata uku ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko konsila mai haske sosai a lafta a kan baƙin. Haske a kan baƙi ba ya ba da launin fata, ruwan toka yake bayarwa. Sai a ga tokar a ƙara wani, a bi da hoda mai yawa, ga faci ya tabbata.

Dabarar ita ce a kashe baƙin da launi, ba da haske ba. Ruwan lemo kishiyar shuɗi ne, in suka haɗu sai su kashe juna. Shi ya sa masu kwalliya suke da abin da suke kira korekta. Baƙar mace ta ɗauki ruwan lemo mai duhu wanda ya kusa ja, wankan tarwaɗa ta ɗauki ruwan lemo na tsakiya, fara kuma mai sauƙi sosai. Ita konsila kuwa ki zaɓi launin fatarki, in kin matsa to wadda ta fi ki haske da mataki ɗaya tak. Kar ki gwada a bayan hannu ko a ƙarƙashin fitilar shago. Ki ɗiga a saman kumatu, ki fita waje, ki jira minti goma don wasu suna ƙara duhu in sun sha iska. Wadda ta ɓace a fatarki ita ce taki.

Ga jerin aikin:

▪️ Ki shafa mai kaɗan, ki jira minti biyar ya shige. In da maiƙo a sama, komai zai zame ya taru a layukan ido.

▪️ Ki ɗauki korekta kamar ƙwayar gero ga kowane ido. Ki sa shi a inda baƙin ya fi ƙarfi kawai, galibi kusurwar da ke kusa da hanci zuwa tsakiyar ido. Ki dangwala da yatsan zobe, shi ya fi sauƙin nauyi. In kina ganin ruwan lemon ƙarara, ya yi yawa, ki rage da tishu.

▪️ Ki shafa fandeshin ɗinki a fuska, ki bar shi ya ɗan hau wajen, sannan ki duba madubi. Sau da yawa rabin aikin ya riga ya gama.

▪️ Abin da ya rage ki sa masa ɗigo biyu ko uku na konsila, ki dangwala, kar ki ja. Ki bi gefen da soso mai danshi har sai kin rasa inda ta tsaya.

▪️ Ki kalli sama, ki share abin da ya taru a layi, ki ɗora hoda mai launin fatarki kaɗan, ki kakkaɓe burushin kafin ya taɓa fuska.

Wannan babbar alwatikar da ake zanawa daga ido har gefen hanci, a zuba farar hoda a bar ta ta zauna, an yi ta ne don fitilun ɗaukar hoto masu ƙarfi. A tsakar gida da rana tsaka, ita ce take komawa kamar fenti. Idan kuma naki kwarmi ne, ki sa konsilar a cikin layin inuwar kaɗai. In kina da jaka kar ki haskaka saman jakar, ƙara fito da ita za ki yi.

Kafin ki fita ki yi gwaji biyu. Ki tsaya taku uku daga madubi a hasken rana, ki ɗan runtse ido. In abin da kika fara gani ƙasan idonki ne, ya yi haske, ki ɗan bi kansa da sauran fandeshin da ke jikin soso. Sannan ki sa a ɗauke ki hoto da filasha a ɗaki mai duhu. Farar hoda mai silika da wasu mayukan kariyar rana suna mayar da hasken filasha, ido ba zai gani ba amma hoto zai nuna fari tas. Gara ki gani a ɗakinki da ki gani a hoton da ya zaga dangi.

*5. MU BUGA MISALI*

A ce wata budurwa ce a Kurugu, wankan tarwaɗa, an sa bikinta a watan Janairu, saura sati takwas. Ƙawarta ta ba ta haɗin mai, ta yi kwana goma tana shafawa, har gefen kumatun ya fara haske ya bar baƙin a tsakiya. Ta yi gwajin madubi: da ta ja fatar, baƙin ruwan ƙasa yana nan, da ɗan shuɗi ta wajen hanci. Tana yawan atishawa da safe, idonta yana ƙaiƙayi tun shigowar sanyi, kuma yayarta ma tana da ɗan baƙin. Kenan nata haɗi ne: akwai gado, ga murza, ga toshewar hanci.

A satin farko ta ajiye haɗin. Da yake kwana goma ne kawai, dainawa ba ta da wahala. Da wata shida ta yi, sai mu ce ta ga likita tukuna, don fatar da ta saba da sitiroyid takan yi ja da ƙuraje da zafi in an yanke mata shi lokaci guda. Ta je asibiti a Karaye a duba ƙaiƙayin a kuma auna jini. Kullum safe tsumman sanyi minti goma, da rana malafa ko inuwa, da dare goge kwalli da man kaɗanya. In mai gyaran jiki ta zo da dilka, a tsaya a wuya da jiki.

Zuwa sati na uku za ta iya ganin kamar wajen ya ƙara duhu. Kar ta tsorata ta koma wa haɗin. Hasken ƙarya ne yake janyewa, gefen yana komawa launinsa. Zuwa sati na shida, in ta daina murza, shuɗin wajen hanci zai ragu, fatar ta yi laushi, ruwan ƙasan kuma ya ɗan sassauta. Na gadon ba zai tafi duka ba, ta sa wannan a ranta tun yanzu. A sati na bakwai ta kira mai kwalliya a yi gwaji da rana, a ɗauki hoto da filasha. Ta faɗa mata a fili: korekta kaɗan, konsila launin fatata, ban da farar hoda. Ta kuma gaya wa mai hoto, in zai gyara hotuna ya rage baƙin kawai, ya bar ɗan inuwa da layukan ido yadda suke. Fuskar da aka share mata komai a ƙasan ido ba ta kama da mai ita.

*6. WANDA BA NA GIDA BA NE*

Akwai alamomin da ba a tsayawa shafa mai a kansu. Idan baƙi ya fito zagaye da ido bayan faɗuwa ko bugu a kai, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a take. Idan ido ɗaya ne ya kumbura da zafi da ja, ko gani ya ragu, shi ma haka. Kumburin ido da safe tare da kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa yana buƙatar a duba ƙoda, kuma ga mai ciki a auna hawan jini a ranar. Baƙi mai kauri kamar karan-miski wanda yake har a wuya da hammata, a auna suga. Mai ɗiga maganin gilakoma kuma ta sani wasunsu suna sa fatar ido duhu. Kar ta daina, ta dai riƙa goge abin da ya gangaro, ta kuma faɗa wa likitanta.

Wadda ta daɗe tana bilicin har saman kumatu ya ƙone, kar ta ƙara wani haɗin a kai. Ta nemi likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta tafi da robar man a hannu don a san abin da take shafawa, ta kuma nemi a auna mata ƙarfin ruwan ido.

Aikinki na wannan satin guda biyu ne: gobe da safe ki yi gwajin madubin nan ki san irin naki, sannan ki ɗauki hoto a bakin ƙofa ba kwalliya. Bayan sati takwas ki sake ɗauka a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ki haɗa su. Canjin da ake samu a hankali madubin kullum ba ya nuna shi, hoto ne yake nunawa.

Ki tura wa 'yar uwar da kika san tana shirin sayen haɗi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.